Tikiti ɗaya, farashi biyu: sauya ƙasa a shafin sayar da tikitin jirgi yana rage kuɗi kuwa?

Ranar wata Talata bayan la'asar ɗan yayata ya shigo ofishinmu da ke Sabon Garin Zariya riƙe da waya a hannu. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, kada ka yanki tikitin Baba tukuna. Duba nan, na sauya ƙasa zuwa Birtaniya, kuɗin ya sauka." Baba za mu tura Alƙahira ganin likita, Yaya ce za ta raka shi, ke nan tikiti biyu daga Kano zuwa da dawowa. A kwamfutata kowane ɗaya ya tsaya a kan naira 1,245,000. A wayarsa kuwa, a wani shafin dillalan tikiti na intanet, an rubuta fam 590. Ya riga ya buga lissafinsa, fam ɗaya naira dubu biyu, ya samu 1,180,000. Rarar dubu 65 a kowane tikiti, dubu 130 a biyun. Ga wanda yake harhaɗa kuɗin asibiti wannan ba abin rainawa ba ne, shi ya sa ban kore maganarsa ba. Na ja masa kujera muka zauna a kanta.

Na fi shekara goma ina yankan tikiti, kuma wannan tambayar tana zuwa mini kusan kowane mako, daga malaman jami'a na Samaru masu zuwa taro, da ɗalibai, da 'yan kasuwa. Amsar gaskiya ita ce farashi yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wannan ba jita-jita ba ne. Amma abin da yawancin mutane ke sauyawa a waya ba shi ne abin da ke riƙe da farashin ba.

Idan aka ce "ƙasa" a harkar tikiti, abu uku ake nufi, kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai ƙasar da tafiyar za ta fara. Akwai ƙasar da aka yi cinikin, wato inda ofishin da ya fitar da tikitin yake da rajista. Sai kuma kuɗin da aka nuna maka farashi da shi, naira ko dala ko fam. Na farko shi ne mai nauyi ƙwarai. Na biyu yana tasiri a wasu lokuta. Na uku sau da yawa riga ce kawai aka sauya wa farashi ɗaya.

Me ya sa kujera ɗaya take da farashi da yawa

A tashar Kwangila duk wanda ya shiga motar Kano kuɗi ɗaya zai biya. Jirgi ba haka yake ba. Kujerun ikonomi iri ɗaya ne a ido, amma a cikin kwamfuta an kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da harafinsa. `Y` shi ne cikakken farashi mafi tsada a ikonomi, sai haruffa irin su `B`, `M`, `H`, `K`, `Q` suna sauka ƙasa, kodayake kowane kamfani da yadda yake jera nasa. Kowane harafi yana da farashinsa da sharuɗɗansa: nawa za a caje ka idan ka sauya rana, ko za a mayar maka da kuɗi idan ka fasa, jaka nawa aka yarje maka. Idan na buɗe jirgi a na'urarmu ina ganin layi kamar haka:

```
Y9 B9 M9 H4 K0 Q0
```

Ma'anarsa akwai aƙalla kujeru tara a `Y` da `B` da `M`, saura huɗu a `H`, su kuwa `K` da `Q` masu araha an rufe su. To ga inda ƙasar ciniki ke shigowa. Kamfanin jirgi yana da ikon nuna wa ejan da ke Zariya `K0`, a daidai wannan minti kuma ya nuna wa ejan da ke Landan `K5`, a jirgi ɗaya, rana ɗaya. Ba kuskure ba ne, da gangan ake yi. Kamfanin yana auna kasuwa: ina ake da gasa, ina mutane za su biya ko da tsada, ina kuɗin ƙasar yake da wuyar fitarwa. Haka kuma wasu farashin na garaɓasa ana ɗaura musu sharaɗi tun daga tushe cewa ba za a sayar da su ba sai a ƙasa kaza. A dokokin farashi wannan yana ƙarƙashin sashe na 15, wanda ake rubutawa `SALES RESTRICTIONS`, kuma duk ejan da ya san aikinsa yana iya buɗe maka shi ka karanta.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya motsi ko daga ina ka saya, shi ne mafi yawan haraji da kuɗin filin jirgi. Waɗannan hanya suke bi, ba mai sayarwa ba. Kuɗin hidimar fasinja da hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama ta mayar dala 100 a 2020 ga masu tafiya mai nisa zuwa waje, duk wanda ya tashi daga Kano ko Abuja zai biya shi, ko a Tokyo aka yanka masa tikitin. Harajin da Birtaniya ke karɓa daga mai tashi daga filayenta shi ma haka. Don haka idan ka ga bambanci tsakanin shafuka biyu, to daga ɗayan wurare uku ya fito: ko harafin ba ɗaya ba ne, ko canjin kuɗi ne, ko kuma ladan mai sayarwa.

Lokacin da dabarar ta yi aiki da gaske

Waɗanda ke rantsuwa cewa saye daga waje ya fi araha ba ƙarya suke ba, wani zamani suke tunawa. A 2022 da 2023 kamfanonin jiragen waje suna sayar da tikiti a naira, amma su kasa samun dala daga Babban Banki su fitar da kuɗinsu. Kuɗin ya yi ta taruwa har IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta ce ya haura dala miliyan 800 a 2023, mafi yawa a duniya a lokacin. Emirates ta dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen Oktoban 2022, ba ta dawo ba sai 1 ga Oktoban 2024. Waɗanda suka zauna kuma suka kare kansu ta hanyar da na nuna a sama: suka rufe ƙananan haruffa ga duk wanda ke saye daga cikin Najeriya, suka bar manyan kaɗai.

Idan ka duba ta ɓangarensu, lissafin a fili yake. A farkon 2023 canjin gwamnati yana wajen naira 460 a dala, a hannun 'yan canji kuma ta haura 700. Kamfani ya karɓi naira, ta kwanta wata da watanni, bai san a nawa za a canza masa ba. Sai ya ce to duk mai biya da naira ya biya babban farashi. A waccan shekarar na sha buɗe jirgin Abuja zuwa Landan in tarar babu komai a buɗe sai haruffa biyu ko uku na sama, abokin aikina a Accra kuma ya buɗe wannan jirgin ya ga ƙananan a buɗe. Bambancin yakan kai wanda ko bayan ka sayi dala a kasuwa da tsada, ka fita da riba mai kauri. Daga nan kalmar `SOTO` ta shiga bakin kowa a sana'ar, wato tikitin da aka sayar kuma aka fitar a wajen ƙasar da tafiyar za ta fara. Mu ejan-ejan na gida mun ji jiki a lokacin, domin muna zaune ciniki yana tsallake mu zuwa ƙasashen maƙwabta.

Abubuwa sun juya daga baya. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira, tazarar da ke tsakanin canjin gwamnati da na kasuwa ta tsuke. A farkon 2024 hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin jiragen sama ta matsa wa kamfanonin su buɗe ƙananan haruffa. Ranar 30 ga Maris 2024 Air Peace ta fara zuwa filin jirgin Gatwick na Landan daga Legas, gasa ta shigo hanyar Landan. Zuwa Yunin 2024 IATA ta sanar cewa an biya kashi 98 cikin ɗari na kuɗin da ya maƙale. Dalilin da ya haifar da babban giɓin ya kau. Dabarar dai ta zauna a bakin mutane, ana ta gadonta a guruf-guruf na waya, kamar wanda ke kwatanta maka hanya da itacen da aka riga aka sare.

Abin da ke faruwa idan ka taɓa tutar da ke saman shafi

A nan dole a raba shafin kamfanin jirgin kansa da shafin dillalai. A shafukan kamfanonin jirage da yawa, garin da ka rubuta za ka tashi shi ke yanke komai. Ka zaɓi Birtaniya ko Masar ko Indiya a sama, da zarar ka rubuta Kano a wurin tashi, na'urar za ta yi maka farashin kasuwar Najeriya. Wani lokaci ma ta mayar da kai naira ko dala da kanta. Kamfanoni da dama sun koma duba inda tafiya ta fara maimakon inda aka saya, daidai don toshe wannan ƙofa. A irin wannan shafi, abin da tutar ke sauyawa shi ne harshe, da kuɗin da aka nuna, da hanyoyin biya.

Shafukan dillalai na intanet su ne ake iya samun bambanci na haƙiƙa, domin kowane reshensu na ƙasa yakan fitar da tikiti ta ofishin da ke da rajista a can. Reshen Birtaniya ciniki ne na Birtaniya. Idan kamfanin jirgin ya buɗe wa waccan kasuwa harafin da ya rufe mana, ko ya ba dillalin wani farashi na musamman, za ka gani.

Shi kuwa VPN da samari ke ta kunnawa, aikinsa kaɗan ne a nan. Yana ɓoye inda kake, sai shafin ya buɗe maka reshen wata ƙasa da kansa, abin da kai ma za ka iya yi da yatsa ba tare da shi ba. Bai sauya garin tashi ba, bai sauya katin da za ka biya da shi ba. Illarsa ma ita ce a wajen biya: na'urar tsaro ta ga mutum yana Jamus, katinsa na Najeriya, tafiyarsa daga Kano, sai ta ɗauka ɓarawo ne ta ƙi karɓa, ko ta karɓa sannan a soke daga baya. Haka zancen cewa shafi yana ƙara maka kuɗi don ya ga ka duba sau uku. Abin da na fi gani a aikina shi ne kujerun ƙaramin harafi sun ƙare tsakanin dubawarka ta safe da ta yamma. Wani abin lura ma: idan saura kujera ɗaya a `H` kai kuma ka nemi biyu, na'urar za ta ɗaga ku duka biyun zuwa `M`. Wanda ya duba wa mutum ɗaya a wannan shafi, ya duba wa biyu a wancan, ya ga bambanci ya ce ƙasa ce, alhali adadin fasinja ne.

Yadda muka warware tikitin Baba

Na ce wa yaron abu na farko mu tabbatar kaya ɗaya muke tayawa. Lambar jirgi ɗaya ce, rana ɗaya, mutum biyu. Sai muka bi shafin nasa har dab da wurin biya, muka buɗe bayanin farashin. Nan muka ga harafinsa yana ƙasa da nawa da mataki ɗaya, kuma jaka ɗaya ce mai kilo 23 aka ba shi, nawa kuwa biyu. Tun daga nan kwatancin ya fara rawa. Amma na ce mu bar maganar jaka, mu bi kuɗin kawai, mu ga naira nawa za ta fita daga aljihu.

Alƙaluman da zan kawo na daidaita su don lissafi ya yi sauƙi, kai sai ka sa na ranar da kake saye. Fam 590 ba za mu biya da naira dubu bibbiyu ba, domin wannan canjin da waya ke nunawa ba wanda zai sayar maka a kansa. Katin da muke da shi na asusun dala ne. Fam ɗaya dala 1.33, ke nan dala 785. Tunda cinikin a fam ne katin kuma na dala, akwai ladan juya kuɗi, mu sa kashi 3 cikin ɗari, ya zama dala 808. Dalar kuma sai mun saya mun zuba a asusun, a kan naira 1,530. Idan ka buga, naira 1,236,000 da 'yan kai. Rarar dubu 65 ta koma ƙasa da dubu tara. Yaron ya sake bugawa da kansa sau biyu, ya yi shiru.

Ban ce kullum haka take fitowa ba. Da a ce Yaya tana da fam a ajiye, ko wani ɗan'uwa a can zai biya da katinsa a matsayin gudummawa, da rarar ta fi haka tsayawa. Wanda ake biyansa albashi da kuɗin waje lissafinsa daban ne da na wanda zai je wurin 'yan canji. Kuma tun tsakiyar 2025 wasu bankuna sun dawo da barin katin naira ya yi ciniki a waje, bayan shekarun da aka rage iyakar zuwa dala 20 a wata sannan aka rufe gaba ɗaya. Sai dai kowane banki da iyakarsa da canjinsa, kuma tikiti biyu na iya wuce iyakar. Ka tambayi bankinka abu biyu kafin ka fara: nawa ne iyaka, kuma a nawa suke lissafa dala yau. Akwai kuma tarko ɗaya a wurin biya. Wani shafin zai ce ya ga katinka na wata ƙasa ne, ko ya caje ka da kuɗin katinka don sauƙi? Canjin da ke cikin wannan tayin yawanci ya fi na bankinka muni, gara ka biya da kuɗin da aka yi farashin da shi.

Abin da ya yanke hukunci a wurina ba dubu taran ba ne. Baba ba yawon buɗe ido zai je ba, likita ne zai faɗi ranar dawowa. Tikitin mara lafiya kusan tabbas sai an taɓa shi. Ƙa'idar sana'ar kuma ita ce wanda ya fitar da tikiti shi ke da hannu a kansa. Idan dillalin intanet na Birtaniya ya fitar, ka je ofishin kamfanin jirgin a Kano ka ce a sauya maka rana, mafi yawan lokaci za su ce koma wurin wanda ya sayar maka. Ni ma ba zan iya taɓa shi daga na'urata ba. Sai ka kira lambar waje, da Turanci, a lokacin aikinsu, ka biya tarar kamfanin jirgi, ka biya bambancin farashi, sannan ka biya ladan dillalin a kai, duk da fam. Idan kuma mayar da kuɗi ne, katin da ya biya shi za a mayar wa, da kuɗin da aka biya, bayan makonni. Ka yi tunanin Yaya a harabar asibiti a Alƙahira tana wannan fama.

Sayen hannu daga wanda ba ka sani ba

Akwai hanya ta uku da ta fi sauya tuta haɗari, kuma ita ce ta fi cin mutanenmu. Wani zai ce yana da mutum a waje mai fitar da tikiti da rangwamen kashi talatin ko arba'in. Wani malami da nake girmamawa ya zo mini da irin wannan takarda kwana biyu kafin tafiyarsa, yana so in duba masa wurin zama kawai. Takardar ta yi kyau, da tambarin kamfani da lambar ajiya mai harafi shida. Na duba, babu lambar tikiti. Na ce, "Malam, wannan ajiyar kujera ce, ba a biya ba." Ya ce ai ya tura kuɗi tun makon jiya. Kafin magariba ajiyar ta faɗi da kanta, wayar mutumin kuma a kashe. Har yau idan na tuna yadda ya cire hula ya riƙe a hannu, raina yana ɓaci.

Ajiya daban, tikiti daban. Tikiti na gaskiya yana da lamba 13, kuma ukun farko na kamfanin jirgin ne: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 157 Qatar Airways, 235 Turkish Airlines. Ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, wurin `Manage booking`, ka sa lambar ajiya da sunan mahaifi, ka ga lambar tikitin a can da idonka. Ko hakan bai gama rufe ƙofa ba, domin ana iya fitar da tikiti a soke shi a ranar, kuma wanda aka saya da katin sata yakan rayu kwanaki kafin mai katin ya kai ƙara. Don haka ka sake dubawa washegari, da kuma ana jibi tafiya. Wasu kamfanonin ma sukan nemi ganin katin da aka biya da shi a kanta ranar tafiya, wanda ya sa ko ɗan'uwanka na jini ne zai biya maka daga waje, ya kamata ya duba wannan sharaɗin tun kafin ya biya. Rangwamen da ya fito daga bambancin kasuwa a yau ba ya kai kashi arba'in a tikitin da rabinsa haraji ne da ƙarin kuɗin kamfani. Duk wanda ya yi maka wannan tayin, tambaye shi daga ina ragin ya fito.

Inda sauya ƙasa yake da amfani

Yana da amfani idan tafiyar ba daga Najeriya za ta fara ba. Ɗalibin da ke Malesiya zai zo hutu, tikitinsa na kasuwar can ne, a duba shi a reshen can da kuɗin can, sannan a gwada da abin da ejan na gida zai bayar. Haka jiragen cikin gida na wata ƙasa, kamar Jidda zuwa Madina ko Delhi zuwa wani gari a Indiya: shafin kamfanin na ƙasar, da kuɗin ƙasar, sau da yawa yana nuna ƙananan farashin da ba sa fitowa a na'urorin waje, musamman na kamfanoni masu araha. A nan ne na fi ganin riba ta gaske. Sai dai a karanta sharaɗi, domin wani ragin na mazauna ne kaɗai. Misali Sifaniya tana rage wa mazauna tsibiran Kanari kashi 75 cikin ɗari a jiragen cikin ƙasa, kuma ana tantance shaidar zama. Wanda ya latsa wannan akwatin ba shi da takarda, a filin jirgi zai gane kurensa. A cikin Tarayyar Turai kuma wahalar ba ta da yawan amfani, tunda dokarsu mai lamba 1008 ta 2008 ta hana masu sayar da tikiti bambanta wa mutum farashi saboda ƙasarsa ko inda yake zaune a cikin tarayyar, ga jiragen da ke tashi daga can.

Wanda yake so ya gwada da kansa ba tare da ya ɓata yini ba, akwai shafin ITA Matrix na Google. Ba a saye a cikinsa, dubawa kawai ake yi. Yana da gurbin `Sales city` da na `Currency`. Ka sa tafiyarka, ka sa Kano a garin ciniki, ka zaɓi dala, ka rubuta farashin da harafin. Ka sake, ka sauya garin ciniki kawai zuwa Landan ko Dubai, ka bar kuɗin a dala. Tunda kuɗin bai sauya ba, duk bambancin da ka gani na kasuwa ne, ba na canji ba. Idan lambar ta fito iri ɗaya, ka huta, babu abin da tuta za ta ba ka. A tafiye-tafiyen da ke tashi daga Kano da Abuja, a 'yan shekarun nan, mafi yawan gwajin da nake yi iri ɗaya yake fitowa ko da ɗan bambancin da ladan kati zai cinye.

Abin da ke motsa farashi sosai shi ne sauya garin tashi, amma wannan tafiya ce ta ƙafa, ba ta yatsa ba. Mutanen Legas sukan tsallaka Kwatano su tashi. Mu a Zariya abin da ya fi kusa da hankali shi ne gwada Kano da Abuja, har da Legas idan tafiyar mai tsada ce, a haɗa da kuɗin mota ko jirgin ƙasa daga Rigasa da kwanan hanya. Kada dai wani ya ba ka shawarar ka sayi tikitin da ya fara daga wani gari don ya fi araha, kai kuma ka tare shi a tsakiya. Idan ba ka hau zangon farko ba, na'urar tana soke sauran zangunan duka, har da na dawowa.

Ga yadda nake auna wa duk wanda ya zauna a gabana. Idan tafiyar daga gida take, kuɗinka naira ne, kuma akwai yiwuwar sauya rana, saya a nan, ko a shafin kamfanin jirgin kai tsaye ko wurin ejan mai ofis da za ka iya komawa ka same shi. Idan kana da kuɗin waje a hannu, ranakunka ba za su motsa ba, harafi da jaka sun zo ɗaya, kuma bayan duk lada rarar ta kai abin da za ka ji a jikinka, ni nakan sa ma'aunin kusan kashi goma cikin ɗari, to saya a reshen waje na shafin da aka sani, babu laifi a ciki. Ƙasa da haka, kuɗin sauya rana sau ɗaya zai haɗiye ta.

Mun yanki na Baba a ofis a daren, harafin da ke da jaka biyu, wanda tarar sauya ranarsa ke da sauƙi. Yaron ne ya kai su filin jirgin Malam Aminu Kano da asuba. Mako na biyu Yaya ta kira ni daga can ta ce likita ya ƙara kwana goma don a sake gwaji. Ina tsaye a bakin masallaci a Tudun Wada na ce mata ta kwantar da hankalinta. Da na koma ofis na ga harafin nasu yana nan a buɗe a sabuwar ranar, don haka babu bambancin farashi, tara kawai na biya da naira, na tura mata sabuwar takardar kafin isha'i.